Minti talatin ɗin da na ƙirga ba daidai ba

Laifina ne, kuma zan faɗe shi yadda ya faru, domin na koya wa wasu mata irinsa da bakina. Na daɗe ina ɗumama madarar shanu a gidanmu a nan Figil, da tukunya da ma'aunin zafi, ina ganin na tsare iyalina daga cuta. Ashe agogon da nake dubawa tun farko ba a daidai lokacinsa nake soma ƙirga shi ba.

Ƙa'idar da na ji ita ce digiri 63 na tsawon minti 30. Wannan gaskiya ce, haka ake yi a duniya, kuma hanyar ta samo suna ne daga Louis Pasteur, masanin Faransa da ya gwada ta a kan ruwan inabi a shekarun 1860. Amma ni sai na fahimce ta a karkace. Da na ɗora lita biyu a kan gawayi sai in dubi agogo, in tsoma ma'aunin har ya taɓa gindin tukunya, in ga ya haura 63, minti talatin na cika in sauke. Madara mai sanyi lita biyu takan ci wajen minti ashirin kafin ta yi zafin da ake so a wuta mai sauƙi, saboda haka abin da ya rage mata bai fi minti goma ba. Ko su ma goman akwai shakka a kansu, domin ƙarfen gindin tukunya ya fi madarar da ke sama zafi nesa ba kusa ba. Zafin tukunya nake aunawa, madarar kuwa ba na ko juya ta.

Abin ya fito fili ne da 'yata ta kama zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi komai ba. Sai da muka kai ta Garwa aka gwada jini, aka ce cutar burusela ce, wadda makiyaya ke kira bakkale idan ta kama shanu, tana sa su ɓari da kumburin gwiwa. Mako shida tana shan magani. Likitan ya tambaye ni ko muna shan ɗanyar madara, na ce masa a'a da ƙarfin zuciya. Ƙanena, wanda ya karanci aikin dabbobi, shi ya zauna ya kalli yadda nake yi, ya ce: "Yaya, ai ba a soma ƙirga sai madarar kanta ta kai 63. Abin da kika yi ɗumi ne kawai." Na yi shiru, domin na san gaskiya ya faɗa, kuma na san mata nawa na nuna wa wannan hanya.

Dalilin da ya sa ba a raba zafin da lokacin shi ne ƙwayoyin cuta ba sa mutuwa gaba ɗaya a tashi guda. Kowane minti a zafin da ya dace yana kashe wani kaso na waɗanda suka rage, sai an cika lokacin kafin a ce abin da ya saura ba zai cutar ba. Lambar ma ba da ka aka tsayar da ita ba. Da can digiri 61.7 ake amfani da shi, saboda yana kashe ƙwayar tarin fukan shanu, har a shekarun 1950 aka gano a Amurka cewa ƙwayar da ke kawo zazzaɓin Q tana tsira a wannan zafin, sai aka ɗaga shi zuwa kusan 63. Idan bambancin digiri ɗaya da 'yan kai ya isa a sauya ƙa'ida, to, ina ga wadda ta zaftare kashi biyu cikin uku na lokacin?

Ga yadda nake yi yanzu. Da mai nono ta kawo madarar safe, ina tace ta da farin ƙyalle mai tsabta, in ɗebi cokali guda in tafasa. Idan ya dunƙule, madarar ta riga ta soma tsami, ba ta ɗumamuwa. Idan ya tsaya lafiya, sai in zuba lita biyun a ƙaramar tukunya, in zaunar da ita cikin babba mai ruwa, ruwan ya kai tsayin madarar. Ruwan nan shi ke hana ƙonewa, shi ke riƙe zafi ya tsaya wuri ɗaya. Ina juyawa da ludayi, bakin ma'aunin yana tsakiyar madara, bai taɓa gindi ko gefe ba. Sai na juya sosai na ga 63, sannan in dubi agogo. A gaskiya 65 nake nufa, domin wutar gawayi ba ta da alkawari, sai in rage garwashi in riƙa dubawa kowane minti biyar, ina rufewa a tsakani don kumfar sama kada ta huce. Idan zafin ya sauka ƙasa da 63, ko da a minti na ashirin da biyar ne, ƙirga ta koma farko. Wannan yana da ciwo, amma ba ni da wata hanya da na yarda da ita.

Akwai gajeriyar hanya, digiri 72 na daƙiƙa 15, wadda kamfanoni ke bi da injuna. A tukunyar gida ma tana yiwuwa idan ana juyawa, kuma an tabbata madarar duka ta kai, gara ma a bari ta ɗan haura zuwa 74 ko 75.

Shi kansa ma'aunin sai an gwada shi. Na auna zazzaɓi ba ya wuce digiri 42 ko 43, ba shi da amfani a nan, kuma mai ruwan zaiba idan ya fashe ya lalata abincin. Na girki ake nema. A tsoma shi a tafasasshen ruwa: a ƙasarmu ya nuna kusan 99, a ruwan ƙanƙara kuma ya nuna sifili. Wanda ya kauce da digiri biyu ko uku, a sauya shi.

Sauran aikin yana bayan saukewa, kuma a nan zafin Figil na watan Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, yake cin mutum. Ɗumamawa ba ta kashe komai da komai, akwai ƙwayoyin da ke jure zafi su farfaɗo idan madara ta daɗe da ɗumi. Ina tsoma tukunyar a ruwan sanyi nan take, ina sauya ruwan, in ƙara ƙanƙara idan akwai, sannan in juye a kwalbar da aka wanke da tafasasshen ruwa, ba a mazubin da ɗanyar ta zo ciki ba. A firji mai sanyin digiri 4 takan kwana uku lafiya. Ruwan randa ba ya kai wannan sanyin, don haka ranar da babu wuta, ko dai a shanye cikin awa biyu, ko in bari ta sauko zuwa 43 in zuba irin kindirmo mai kyau ta kwanta.

Matan unguwarmu da na koya wa hanyar farko, na bi gidajen da na tuna, na gyara maganata, na nemi gafara. Wadda ban samu ba, ko wadda ta ji daga bakin wata, don Allah ki soma ƙirga minti talatin ɗinki bayan madarar ta kai 63. Idan ba ki da ma'aunin da kika gwada, ki tafasa ta sosai har ta taso, kina juyawa, kafin ki ba yara.