Layar da ba ta da makari ba ta riƙe labari

'Ya'yanmu na Aboabo sun fara rubuta labarai da Hausa a waya, wasu kuma suna haɗa gajerun finafinai, abin da ya faranta mana rai a garin da Twi da Turanci suka kewaye harshenmu. Sai dai mun lura da aibi guda da ke yawan maimaituwa. Da zarar jarumi ya shiga tsaka mai wuya, sai ya shafa zobe ko ya ciji laya, matsala ta watse. Daga nan mai karatu ya daina jin tsoro, wanda kuwa ya daina jin tsoro ya kusa ajiye labarin.

Tun farko mu faɗa cewa zancen tsara labari muke yi. Hukuncin sihiri sananne ne, mun karanta shi tun muna gaban malam. Amma ko a aya ta 102 ta Suratul Baƙara akwai abin lura ga marubuci: Haruta da Maruta ba su koyar da kowa sai sun fara yi masa gargaɗi, kuma an bayyana cewa wanda ya sayi abin ya rasa rabonsa na lahira. An sanar da farashi tun kafin a ƙulla ciniki.

Kakanninmu ma haka suka tsara zancen asiri. Maganin ƙarfe na 'yan tauri aikinsa wuƙa da takobi, shi ya sa a bakin masu hira ake kayar da ɗan tauri da kulki ko dutse. Sagau hannun mai kai duka yake sandarar wa, kau-da-bara saitin mai harbi take karkatarwa. Kowane ɗaya aikinsa guda, kuma kowane ɗaya yana da sharaɗi da makari. A labarin Sunjata na ƙasar Mali, Sumanguru ya gagari makami har sai da aka gano sirrinsa, aka harbe shi da kibiya mai ƙaton farcen ƙafar zakara. Maƙwabtanmu Asante ma suna cewa takobin da Okomfo Anokye ya kafa a nan Kumasi, ranar da aka zare shi ƙasarsu za ta wargaje. Ƙarfin yana tafe da sharaɗinsa, kuma sharaɗin ne ke sa a saurara.

Saboda haka kafin a sa alƙalami, marubuci ya amsa tambaya uku. Me asirin yake yi, kuma ina ya tsaya? Me mai shi yake biya duk lokacin da ya taɓa shi? Mene ne makarinsa? Bari mu gwada da labarin da muka ƙaga domin misali.

A ce Tanko farke ne a zamanin da ayarin goro ke tashi daga Kumasi, ya haye kogi a Yeji, ya bi ta Salaga ya nufi Kano. Ya gaji layar zana daga kawunsa. Iyakarta ita ce tana aiki ne muddin tana tsakanin haƙoransa, don haka ba ya iya magana yana ɓace. Jikinsa kaɗai take ɓoyewa, sawunsa na nan a ƙasa, kare yana jin warinsa, wanda ya riƙe wa hannu kuma ana ganinsa. Makarinta ruwa ne, in ta jiƙe ta mutu. Farashinta kuwa, duk cizo ɗaya sai wani da ya san shi ya manta da shi har abada, daga na nesa zuwa na kusa: na farko madugunsa, na biyu matarsa, na uku mahaifiyarsa.

Dole mai karatu ya ga an karɓi kuɗin nan tun labari bai yi nisa ba, kuma a kan abu ƙarami. Sai mu sa Tanko ya ciji laya a Yeji don kawai ya tsere wa wani mai binsa bashi. Da ya koma zango, madugun da suka yi shekara goma suna tafiya tare ya dube shi ya ce, “Bawan Allah, wa kake nema?” Aka hana shi jakunansa biyu da huhun goronsa, domin babu shugaban da zai shaide shi. Ya guje wa bashi kaɗan ya yi asarar jari. Daga wannan wuri ba sai an ƙara yi wa mai karatu bayani ba, ya gani da idonsa.

Cizo na biyu ya zo da dalili mai nauyi, ranar da 'yan fashi suka faɗa wa ayari. Tanko ya tsira, ya san kuma cewa matar da ya bari a Kumasi ta tashi ba ta san shi ba. A harin ne aka kama ƙanensa Audu. Yanzu saura cizo ɗaya, kuɗinsa kuwa uwa. In ya shiga sansanin a ɓace, ba zai iya kiran Audu ba, ba zai iya ɓoye shi ba, karnuka za su yi haushi, ga hadari ya haɗo. In ya ceto Audu da laya, tsohuwa za ta sami ɗa guda ta rasa guda. Layar ba ta warware masa komai ba, ta dai ɗora masa zaɓin da ba shi da daɗi ta kowane ɓangare, kuma a nan ne ake gane wane irin mutum ne Tanko.

Mafita kuma sai ta fito daga abin da aka riga aka faɗa. Zai iya jiran ruwan sama ya wanke sawu ya kashe wari, ya shiga da ƙafarsa a bayyane, ya bar layar ta jiƙe a wuyansa ta mutu. Zai iya kuma cizawa ya biya. Kowanne marubuci ya zaɓa, mai karatu zai yarda, domin babu wata doka da aka sako ta taga.

Akwai alamun da ake gane tsarin ya lalace. In ka karanta wa ƙanenka labari ya tambaye ka me ya hana jarumi ɓacewa a wuri kaza, kai kuma ba ka da amsa, iyakarka ba ta fito ba. In a shafin ƙarshe laya ta yi wani aikin da ba ta taɓa yi ba, ka yaudari mai karatu. In ka ambaci farashi amma ba a taɓa zuwa karɓa ba, ko ya faɗa kan wani bare da ba mu san fuskarsa ba, to barazana ce kawai. Kuma a kiyayi yawa: laya ɗaya mai doka uku ta fi jaka cike da guraye.

Abin ya wuce daɗin hira. A ƙasar nan kalmar sakawa, wadda daga bakinmu aka are ta, ta zama sunan neman kuɗin dare ɗaya ta damfara da tsafi. Yaron da ya tashi da labaran da asiri ke zuwa kyauta, yana iya zaton haka duniya take. Wanda ya bi Tanko har ƙofar sansanin nan kuwa, in wani ya yi masa tayin gajeriyar hanya, zai fara tambayar wa za a karɓe masa.

Masu rubutu a cikinmu, ku gwada tambayoyin nan uku a kan labarin da ke hannunku yanzu. Allah Ya yi wa alƙalumanku albarka, Ya tsare mu da zuriyarmu daga sihiri da masu yinsa.