Tulin Raga a Cikin Waya

Ranar wata Talata, ina zaune a bakin kasuwar Mafara, ɗan ƙanwata ya turo mini hoto daga Bakura. Rufin ɗakin marigayi kakansa suka sauke, suka iske wani buhu, ya zazzage shi a kan tabarma ya ɗauka. "Kawu," in ji shi, "mene ne wanga tarkace? In zubar?" Yaron jikan masunta ne ta uwa da uba. Bai san sunan abu ko ɗaya a tabarmar ba.

Ban ga laifinsa ba. Mu da muka tashi kafin a gama madatsar Bakolori a 1978 ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana sunayen kayan su, a jiki muka san su, domin kowace shekara Gulbin Sakkwato yakan cika ya malale fadama tun daga Maradun har Bakura, in ya janye ya bar tafkuna da kududdufai cike da tarwaɗa da kurungu, sai Sarkin Ruwa ya sa rana, gari ya fito, kowa da gorarsa a ƙarƙashin ƙirji da komarsa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Yau yaro ya fi sanin kifi a cikin kwali.

Na ce masa kada ya zubar, ya sake ɗaukar hoton. Raga in an tula ta, duk ɗaya ce a ido, kamar tulin tsumma. Mai son gane ta bakinta yake dubawa. Na ce ya baje ta a tsakar gida, ya ɗauko mini gefen, kuma ya ajiye kwalin ashana a kusa, don hoto maƙaryaci ne wajen girma: ƙugiyar kama 'yan ƙananan karfasa da ta giwan ruwa kamanninsu ɗaya in babu abin gwadawa a gefensu.

Da hoto na biyu ya zo, magana ta fito. Ragar ta buɗe kamar faifai, dalma jere a bakinta zagaye, bakin an naɗe shi ciki ya yi aljihu, igiya guda ta fito daga tsakiya. Babu ko abu ɗaya mai tasowa a kan ruwa. Birgi ke nan. Jefa shi ake yi ya buɗe a sama, nauyin dalmar ya kai bakin ƙasa da sauri, in aka ja igiyar bakin ya tsuke, kifi ya faɗa aljihun. Abin da aka yi don ya nutse gaba ɗaya ba ya bukatar abin ɗaga shi. Da a ce ragar doguwa ce kamar zane, igiyar sama da abubuwan tasowa, ta ƙasa da nauyi jefi-jefi, zaren siriri, da kalli ce, wadda ake shimfiɗawa tsaye a cikin ruwa kamar danga a bar ta ta kwana, kifi ya kutsa kai ya kasa komawa. Taru ma sama da ƙasa haka yake, shi ya sa baƙo ke rikita su. Amma taru ja ake yi, mutum da yawa, saboda haka zarensa kauri, idonsa ƙanana, kuma akwai manyan igiyoyi a ƙarshensa biyu. Kalli ba za ta jure irin wannan jan ba.

Na sa shi ya zura yatsu cikin ido ɗaya ya ɗauka. Uku suka shiga. Haka tsofaffi ke auna raga, mai yatsa biyu, mai uku, mai huɗu, kuma daga nan za ka san irin kifin da mai ita yake nema, da irin wanda ya yarda ya wuce ya girma. Bara na ga ana jan gidan sauro a wani kududdufi. Ko tsinken ashana da ƙyar ya shiga idonsa.

Dalmar ma tana da labari. Ta birgin nan fallen dalma ce aka yanka aka matse a jikin igiya, har ana ganin gurbin guduma. Amma a gefen tabarmar akwai wasu 'yan dunƙule ja-ja masu huda a tsakiya, waɗanda yaron ya ɗauka duwatsun wuya ne. Yumɓu ne aka gasa, nauyin raga na wanda ba shi da kuɗin dalma. Haka nan guntayen gora da na busasshen icce mara nauyi da ya gani, su ne ke riƙe saman raga. Yanzu guntun silifa ne da robar lemo. Ba na ƙin su, gaskiya sun fi gora jure ruwa, sai dai in ka ga silifa a hoton raga, ka san ba ta zamanin kakanka ba ce, ko kuwa an yi mata kwaskwarima.

Inda na fi daɗewa shi ne wata tsohuwar ƙwarya. An sossoke ƙugiyoyi a bakinta zagaye, igiya a naɗe a ciki. Yaron ya ce fatsa ce mai yawa. Fatsa ƙugiya ɗaya ce ko biyu, da sanda, da tana a baki, da guntun kara da ke rawa in kifi ya taɓa. Wannan doguwar igiya ce mai 'ya'ya, kuma tazarar 'ya'yan ke faɗin ko wace ce. Na ce ya warware taku biyu ya ɗauka. Ƙugiyoyin kusa da kusa suke, tsakaninsu bai kai tafin hannu biyu ba. Mamari ne. Ba a sa masa abinci. A kusa da ƙasan ruwa ake shimfiɗa shi, tarwaɗa mai yawon dare ta gifta, ƙugiya ta kama ta a ciki ko a wutsiya, tana fizga wasu su ƙara kamawa. Igiyar da ake sa wa abinci kuwa tazararta da faɗi, don kada kifin da ya haɗiye ya tattara maƙwabta ya cukurkuɗe su. Na ja masa kunne kan lambar da ke jikin wani tsohon kwalin ƙugiya da ke cikin buhun: a irin wannan lissafi, lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa, mai lamba 15 ta fi mai lamba 7 ƙanƙanta nesa. Da yawa sun yi sautu daga Gusau an kawo musu akasin abin da suke so saboda wannan.

Abu ɗaya ne a buhun ba namu ba: ɗan kifin roba mai fenti, da leɓe a gaba, da ƙugiyoyi masu baki uku a ciki da wutsiya. Leɓen ne ke sa shi nutsewa yana karkaɗa in ana jan sa, manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu su kai masa cafka. Mahaifiyar yaron ta tuna cewa wani Bature cikin ma'aikatan ginin madatsar ne ya ba tsohon. Bai taɓa jefa shi a ruwa ba. Cewa yake kifin da zai ci roba bai cancanci tukunya ba.

Bayan an tare gulbin, ambaliyar da ke cika fadamar ƙasa ta ragu, ruwa ya taru mai zurfi a bayan madatsa, inda koma ba ta da aiki sai kalli da kwalekwale. Tsohon bai saba ba, ya ɗaure buhunsa. Waɗanda suka saba ɗin ma yanzu da yawa ba sa kwana a bakin ruwa, saboda 'yan bindiga.

Da yamma yaron ya sake turo hoto. Ya rataye birgin a reshen darbejiya, dalmar na lilo, ya gano inda ɓera ya ci. "Kawu, wa ke iya ɗinke wanga?" Na fara lissafa masu iyawa a unguwarsu da yatsa, na tsaya a na biyu.