Kunun Goggo, Wanda Ake Damawa Ba a Ɗanɗana Ba

A gidajen Azare na lokacin ƙuruciyarmu, kunun tsamiya ne shugaban kayan buɗa baki. Ƙosai na iya yankewa, dabino na iya tsada, amma ba a kiran magariba a watan azumi ba tare da ƙwaryar kunu tana jira a tsakar gida ba. Ƙasar Guddiri ƙasar gero ce, daga Chinade zuwa Madara har tsohon garin Katagum da ke bakin kogi, tsamiya kuwa tana tsaye a gonaki da bakin hanya. Abin da ya fi ba ni mamaki yanzu shi ne, matan da ke dama kunun nan suna ɗauke da azumi a bakinsu. Ba sa kurɓa su ji, amma tsaminsa na yau daidai yake da na jiya.

A gidanmu Goggo ce, yayar mahaifinmu, ke da wannan aikin. Tun hantsi ake surfa gero, a bushe dusar, a wanke a rege tsakuwa, a baza a tabarma ya sha iska. Sai a zuba citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a daka tare a tankaɗe. Kanumfari ƙwaya huɗu ko biyar kawai take sawa a garin kunun yini guda, domin idan ya yi yawa yakan danne ƙamshin gero ya bar ɗaci a maƙogwaro. Daga baya injin niƙa ya karɓe aikin turmi, amma ta kafa doka: ba a kai mata niƙa bayan an niƙa dawa ko wake.

Wurin tsamiya ne take natsuwa. Takan ɓare sili ta duba launinsa kafin ta ƙirga. Sabuwar tsamiya, wadda aka kaɗo da rani, ja ce mai haske, ruwanta garau, kununta fari tas. Wadda ta daɗe a ajiye takan yi baƙi ta yi danƙo, ta rina kunu, ta kuma kawo wani warin ajiya. Irin wannan sai ta cire jijiyoyin da ragowar ɓawo, ta ɗauraye ta sau ɗaya da sauri don ƙura da ƙwari su fita. Idan gari gwangwanin madara biyu ne, wanda zai ba da kunu kamar lita biyu, takan jiƙa sili biyar ko shida a ruwa gwangwani biyu.

Ruwan jiƙon mai ɗumi ne, wanda yatsa zai iya zama a ciki. Ruwan sanyi yana jan lokaci, tafasasshe kuma yakan jawo bauri daga ƙwallon da jijiya. Da zafin bazara rabin awa ya isa. A azumin shekarar 2000, wanda ya faɗo cikin hunturu daga ƙarshen Nuwamba, tun bayan azahar take jiƙawa ta rufe kwanon ta aje kusa da murhu. Agogo ba shi ne ma'auninta ba. Takan matsa tsamiyar tsakanin yatsu, idan naman ya saki ƙwallon ya fito sumul, ta jiƙu. Idan ta ga kumfa ta taso a kai ko ta ji warin tsamin da ba na tsamiya ba, jiƙon ya wuce lokaci, sai a zubar. Ba ta kuma jiƙawa a tukunyar dalma, saboda tsami yana cin dalma ya sa wa ruwan ɗanɗanon ƙarfe. Ƙwarya ko kwanon tasa mai fenti take amfani da shi.

Daga nan ta murje da hannu a hankali, ta tace a rariya. Tatar farko mai kauri ce, ita ce ma'auninta. Sai ta ƙara ruwa kaɗan a kan tuƙar ta sake tacewa, ta aje wannan a gefe don gyara. Da tatar farko take dama garin a ƙwarya har ya yi kaurin da zai zuba daga ludayi a hankali. Idan Baba ya ce yana son mai gaya, sai ta ware ɗan gari ta yayyafa masa ruwa ta murza da tafin hannu ya zama ƙananan gudaji, ta jefa su a tukunya su dahu tare da ruwan da za a sheƙa.

Sheƙa ruwa shi ne inda kunu ke yi ko ya ɓaci. Dole ruwan ya kasance yana tafasa sosai a lokacin da aka sauke shi, a sheƙa shi gaba ɗaya, hannu ɗaya na zubawa ɗaya na juyawa. Nan take farin damun zai koma mai sheƙi, ya kama jikin ludayi. Idan ruwan ya huce, kunu zai yi salala, gari ya kwanta a ƙasa, a ji gari-gari a baka. Maganinsa a mayar da shi wuta a yi ta juyawa har ya yi kauri, a sauke nan da nan. Wata amarya da aka kawo gidanmu ta taɓa barin nata ya yi ta tafasa, tana ganin zai ƙara kauri, sai ya tsinke ya zama ruwa. Goggo ta ce mata, “Amarya, tsamiya ba ta son daɗewa a wuta da gari. Da kin ga ya kama, ki sauke, shi zai ƙarasa kansa.” Gaskiyarta, tsami da dogon zafi suna yanke danƙon garin, kuma kunu yana ƙara kauri ne yayin da yake hucewa.

Sukari ba ya shiga ƙwaryar Goggo sai an kira salla. Dalilinta biyu ne. Na farko, sai ta sha ruwa za ta iya kurɓar kunun ta san abin da yake nema. Na biyu, bakunan gidan ba ɗaya ba ne: Kaka tana shan nata da zuma, Baba ba ya son zaƙi ko kaɗan, mu yara kuwa da za a bar mu da mun cika ƙoƙo da mazarƙwaila. Ga sauran ƙwaryar, babban cokali biyar ko shida take sawa a wancan lita biyun, tun yana da zafi don ya narke, ta juya ta kurɓa. Abin da take nema shi ne a fara jin ƙamshin gero, tsami ya biyo baya, citta ta ɗumama maƙogwaro, zaƙi ya zo ƙarshe. Idan zaƙi aka fara ji, sai ta ɗiga tata ta biyu. Idan kuma tsami ya kashe haƙora, ba ta ƙara sukari, domin sukari yana rufe tsami a harshe ne kawai, ƙwannafi na nan yana jiran mutum a sahun tarawihi. Sai ta dama ɗan gari da ruwa zalla, ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ta haɗe su.

Yau ana sayar da garin kunu a leda da kayan ƙamshinsa a haɗe, kuma yana yin kunu mai kyau. Abin da ba ya zuwa a ledar shi ne ƙirgar sili da gwajin yatsa. Wanda ke son kunun bana ya yi daidai, ya sayi tsamiyar wata guda a wuri ɗaya, ya riƙe gwangwani ɗaya, ya daidaita ma'auninsa a daren farko lokacin da baki yake buɗe, sannan ya bi shi har salla.