Ranar da Malam ya ƙirga min tayil

Bari in ba ku labarin kunyar da na sha a zangon farko na mastas ɗina a nan Abuja.

An ba mu zanen filat mai ɗaki biyu, irin na Gwarinpa, aka ce mu mayar da shi hoton da ake kallo daga sama, da kayan ɗaki da komai. Kwana uku na yi a kai a SketchUp. Ranar gabatarwa Malam bai ko kalli kujeruna ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Faɗin ɗakin nan nawa ne?" Na ce mita 3.6. "Tayil ɗin fa?" Na ce santimita 60. Sai ya ɗora biro a allon kwamfuta ya fara ƙirge. Shida ya kamata ya samu, ya samu goma sha biyu. Wallahi sai da gumi ya keto min.

Ga inda na yi kuskure. Hoton tayil da na sauko da shi, tayil biyu ne a jere ta kowane gefe. Ni kuwa na ba hoton girman tayil ɗaya, wato 0.6m. Kowane tayil ya koma santimita 30, ɗakin ya zama kamar falon otal. Gyaran bai fi minti ɗaya ba: ka shiga Materials, ka danna Edit, ka rubuta 1.2m a faɗi da tsawo.

Tun daga ranar, tayil ya zama ma'aunina. Gadon shida da shida kusan mita 1.8 ne, dole ya rufe tayil uku. A ɗaki mai tayil shida, saura ɗaya da rabi ta kowane gefe. Zurfin wadirof tayil ɗaya ne. In ka ga gado ya ci biyu kacal, to an rage shi ne don ɗakin ya yi kyau, kuma ranar jeren amarya asiri zai tonu.

Amma duk wannan sai zanen kansa ya shigo daidai. Da ka shigo da hotonsa, ɗauki Tape Measure ka auna bangon da ya fi tsawo, ka rubuta ainihin awon da ke jikin zanen, ka amince ya daidaita girman. Kada ka yi da ƙofa, don ƙaramin kuskure a gajeren awo yana girma a gidan gaba ɗaya. Sannan ka gwada kaurin bango: bulo inci tara ya ba ka kusan santimita 23, ban da filasta.

Kafin ka fitar da hoton, zaɓi Top da Parallel Projection, in ba haka ba bango zai karkata ya ɓoye layin tayil na gefe.

Masu gabatarwa makon gobe, ku ƙirga tayil ɗinku kafin a ƙirga muku. Allah Ya ba da sa'a.