Takardar Ba Ta Faɗi Haka Ba, Kawu

Duk ɗalibin da ke karatu a foli ya san wannan: da zarar ka fara rataya jaka kana fita lacca, ka zama mai karanta takardun gida. Takardar wuta, takardar kotu, saƙon banki, duk kai za a miƙo wa. Mu da ke sashen kimiyyar ɗakin gwaji kuwa abin ya fi yawa, domin tun ranar da aka ga farar riga a shanya aka fara kiranmu "likita". A layinmu na Rijiyar Lemo har da waɗanda ban taɓa gaisawa da su ba suna aiko yaro da sakamakon gwajin jini a cikin leda.

Takardun sun ƙaru tun shekarar 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Jihar Kano. Yanzu kusan kowane gida da ake shirin biki akwai irin wannan takarda, an rubuta ta da Turancin asibiti, kuma wani ne zai mayar da ita Hausa a tsakar gida. A nan ake samun matsala, domin mai fassara yakan ƙara abin da ba a rubuta ba, shi kansa bai san ya ƙara ba.

Ɗan gwaggona, wanda nake kira Yaya, yana tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari. Saura wata biyu bikinsa ya je wani lab a Sabon Gari aka ɗebi jininsa. Da daddare ya kira ni ƙofar gida ya miƙo min takardar a ninke. Kafin in duba sakamako sai da na duba suna, shekaru da kwanan wata, don takarda takan yi ɓatan kai. Tasa ce. Layi biyar ne a jikinta. Rukunin jini `O+`, jinotayif `AA`, gwajin ƙanjamau `Non-reactive`, `HCV` shi ma `Non-reactive`. Na biyar ɗin ne aka ja wa layi da jan biro: `HBsAg: Reactive`. Can ƙasa an rubuta cewa a maimaita gwajin don tabbatarwa, a kuma ga likita.

Na tambaye shi wa da wa yake so su ji. Jinin nasa ne, sirrin ma nasa ne, ba ni da hurumin kai maganar ɗakin kowa. Ya ce Gwaggo da Kawu kaɗai, kuma a gabansa.

Abin da layin nan yake nufi ba shi da tsawo. `HBsAg` wani sinadari ne da ke jikin ɓawon ƙwayar cutar hafatayitis B. In aka ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji ya nuna layi biyu, sai a rubuta `Reactive`, wato an ga alamar sinadarin a jinin da aka kawo ranar nan. Iyakar abin da tsinken ya sani ke nan. Bai san yaushe ƙwayar ta shiga ba, bai san yawanta ba, bai kuma leƙa hanta ya ga halin da take ciki ba. Jefi-jefi ma tsinken yakan yi kuskure, shi ya sa aka ce a maimaita.

To ga inda Hausarmu take da tarko. Kalmar da kowa ya sani ita ce "ciwon hanta". A rediyo haka ake cewa, a asibiti ma haka. Amma in ka ce wa uwa ɗanta yana da ciwon hanta, abin da zai zo mata a rai shi ne maƙwabcin nan da cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, aka kai shi Asibitin Murtala bai dawo ba. Kalma ɗaya muke amfani da ita ga wanda ƙwayar ke jininsa yana harkarsa garau, da wanda hantarsa ta riga ta ƙanƙance. Kai kana ganin fassara kawai ka yi, alhali ka yanke hukuncin da likita bai yanke ba.

Washegari bayan la'asar muka zauna a ɗakin Gwaggo. Na riƙe takardar yadda kowa zai ga inda yatsana yake, na bi ta layi-layi daga sama, ban tsallake masu daɗin ji don in yi saurin isa ga jan biron ba. Da na iso wurin na ce: "Gwaggo, wannan layin ya ce an ga alamar wata ƙwayar cuta mai suna hafatayitis B a jinin Yaya. Wanda ya yi gwajin ya ce a sake yi don a tabbatar, sannan a ga likita. Abin da aka rubuta ke nan, babu ƙari."

Kawu ya gyara hula ya ce: "Kai ɗan nan, daina kewaye-kewaye. Ciwon hanta ne ko ba shi ba ne?"

Na ce: "Kawu, ƙwayar dai a hanta take zama, wannan gaskiya ne. Amma ko ta taɓa hantar Yaya ko ba ta taɓa ba, takardar nan ba ta faɗa ba. Gwajin da zai faɗa ba a yi shi ba tukuna."

Gwaggo kuwa tata tambayar daban ce: "Amma dai ba komai ko? Ka ce min ba komai." Wallahi wannan ta fi ta Kawu wuyar amsawa, don bakinka zai so ya ce eh. Sai dai "ba komai" ita ma hukunci ce irin ta likita, kuma ita ce ke sa mutum ya cusa takarda ƙarƙashin katifa ya manta da ita shekara goma. Na ce mata: "Gwaggo, ba a rubuta akwai haɗari ba, ba a kuma rubuta babu ba. An rubuta a ga likita, mu je mu gan shi."

Dalilin da ya sa tambayar Kawu ba ta amsuwa daga wannan takarda shi ne mutane iri-iri suna iya fitowa da sakamako iri ɗaya. Akwai baligin da bai daɗe da kamuwa ba. Irin wannan, fiye da 90 cikin 100 jikinsu yakan kori ƙwayar da kansa cikin watanni. Akwai wanda ya samo ta tun yana jariri, ta zauna masa, amma tana kwance ba ta ɓarna, sa ido kawai yake buƙata. Akwai kuma wanda take cin hantarsa a hankali, wanda likita zai ɗora a kan magani irin su tenofobiya. Dukkansu `Reactive` za a rubuta musu. Likita ba ya cewa ƙwayar ta zama zaunanniya sai alamar ta wuce wata 6 tana jini, ko wasu gwaje-gwaje sun nuna masa haka. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da wannan alama. A ajinmu na mutum ɗari, ka lissafa da kanka.

Bayan kwana huɗu Yaya ya kawo takarda ta biyu, ta gwajin da likita ya rubuta masa. Maimaicin ya tabbatar da na farko. Sai wani layi: `ALT 58 U/L`, a gefensa an sa ma'aunin lab ɗin, 0 zuwa 40, da harafin `H`. Kawu yana jin lamba ta haura ya ce shi ke nan, hanta ta fara ruɓewa. Na ce masa `ALT` sinadari ne da hanta ke saki cikin jini idan wani abu ya dame ta, na Yaya 58 ne, iyakar da wannan lab ya sa 40 ce, harafin kuma yana nufin ya ɗara iyaka. Me ya ɗaga shi, takarda ba ta faɗa ba. Ƙwayar tana iya ɗaga shi, haka ma kitse a hanta, zazzaɓin da aka tashi daga gare shi, wasu magungunan kemis, ko jiƙe-jiƙen gargajiya. Ban zaɓar musu ɗaya daga ciki ba, domin zaɓar ita ce aikin likita, shi da zai taɓa ciki, ya yi tambayoyi, ya haɗa da hoton sikanin da gwajin yawan ƙwayar.

Akwai abin da na ga ya halatta in ƙara, don bai shafi hukunci a kan jikin Yaya ba. Gwaggo ta fara maganar ware masa kwano da kofi, na ce mata ƙwayar ba ta bin abinci ko musabaha. Jini take bi, da saduwar aure, da haihuwa, da reza ko askar da aka yi tarayya. Na gaya musu akwai allurar rigakafi, sau uku ake yi cikin wata 6, kuma tun 2004 tana cikin rigakafin jarirai a Najeriya. Na kuma roƙi Kawu kada a sayo komai, na kemis ko na mai lasifika a bakin kasuwa, kafin likita ya yi magana. Sauran tambayoyin muka rubuta su a bayan ambulan: amarya za ta yi gwaji da rigakafi kafin biki? 'Yan gida su ma su gwada? Yaushe za a maimaita? Yaya ya tafi da ambulan ɗin asibiti, ya dawo da amsoshi daga bakin mai su. An gwada amarya, aka fara mata allura, iyayen ɓangare biyu suka zauna suka daidaita rana da kansu.

Kame baki yana da iyaka. In takarda ta ce a gaggauta, faɗi haka da ƙarfi, kada ka tausasa. In kuma kana karatu ka ga idon mai takardar ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, yana aman jini ko ya fara ruɗewa, ajiye takardar a nemo A Daidaita Sahu. Cewa "mu tafi asibiti yanzu" ba ya buƙatar ka san sunan cutar.

Ga hanyar da nake auna kaina da ita, ko ɗan akanta ne kai ko ɗan injiniya za ta yi maka aiki. Duk jimlar da za ta fito daga bakinka, ka iya ɗora yatsa a kan layin da ta fito. In ka ji kana cewa "wato dai", "ai wannan alamar", ko "irin na wane ne", to yatsanka ya bar takarda. A gida ba a rarrabe abin da lab ya rubuta da abin da kai ka zata. Duka za a haɗa a ce "an gwada an gani", a kai gidan surukai, a kai majalisa. Magana zarar bunu ce. Likita zai iya gyara maganinsa a zuwa na gaba, amma sunan cutar da ka laƙaba wa mutum a tsakar gida zai daɗe yana bin sa a unguwa.