Rigakafin takardun bashi: ga 'yan ajinmu kafin jarabawa

'Yan uwa, musamman 'yan Arewa da ke karatun inshora da harkar kuɗi a nan Legas. Akwai darasin da na ga yana ba mutane wahala a zaman bita, wato abin da malamai ke kira imunaizeshin. Ni rigakafi nake ce masa. Da yawanmu sun haddace cewa a daidaita diyureshin da ranar biyan bashi, amma ka ce su nuna maka da lissafi sai ka ji shiru.

A ce kamfanin inshora zai biya wani naira 1,000,000 nan da shekara 2, kuɗin ruwa a kasuwa kuma kashi 10 cikin ɗari ne. Abin da zai ware yau shi ne 826,446. Takardu biyu ne kawai a gabansa, ta shekara 1 da ta shekara 3, kuma ba sa biyan komai sai ranar da wa'adinsu ya cika.

In ya zuba duka a ta shekara 3, dole ya sayar da ita saura shekara guda. Ruwa ya hau zuwa 12, farashinta ya faɗi, 982,143 zai samu. In kuma ya zuba duka a ta shekara 1, dole ya sake juya kuɗin, ruwa ya sauka zuwa 8, ya tashi da 981,818. Kun ga haɗari biyu ne, kuma abin da ke cutar ɗaya shi ke taimakon ɗayan. To me zai hana a haɗa su?

Ya raba biyu, 413,223 kowane ɓangare. Ta farko za ta biya 454,545, ta biyu 550,000. Rabi a shekara 1, rabi a shekara 3, tsakiyarsu shekara 2, daidai ranar biya. Yanzu ruwa ya hau 12. Kuɗin da aka sake juyawa ya zama 509,091, takardar da aka sayar ta kawo 491,071, jimilla 1,000,162. Ruwa ya sauka 8, na farko ya koma 490,909, na biyu 509,259, jimilla 1,000,168. Ko ta ina aka juya miliyan ɗin ta fito, har da ɗan canji a kai. Frank Redington, masanin lissafin inshora na Birtaniya, shi ya tsara wannan a 1952.

Inda ake faɗuwa a jarabawa shi ne ɗaukar wa'adi a matsayin diyureshin. A misalinmu sun zo ɗaya ne saboda takardun ba sa biyan komai a tsakani. Amma takardar shekara 3 mai biyan kashi 10 duk shekara, a wannan kasuwar, diyureshin ɗinta wajen 2.74 ne, domin wani kaso na kuɗinka ya dawo hannunka tun da wuri. Matsakaicin lokacin dawowar kuɗi ake aunawa, kowane biya da nauyin darajarsa ta yau.

Sannan abin ba a kulle a tafi ba ne. Bayan shekara guda, bashin saura shekara 1. In ka zuba 454,545 ɗin a takardar shekara 1 ka bar doguwar yadda take, saura mata 2, tsakiyarsu ta zama 1.5, ka fita daga layi ke nan. Ruwa ya sake hawa washegari, ba mai tare maka. Gyaran shi ne a sayar da doguwar ita ma a koma ta shekara 1. Kowane gyara kuwa dillali zai ci nasa.

Abin da ya fi damuna da yadda ake koyar da shi, ana wucewa da sauri a kan sharaɗin cewa ruwan gajere da na dogon zango tare suke motsi. Ba kullum ba. A ce ka juya kuɗinka a kan 8, amma mai sayen doguwar takardar ya yi mata farashi a kan 12. Ka samu 490,909 da 491,071, wato 981,980. Giɓin naira dubu 18 ke nan, alhali diyureshin ɗinka daidai yake a takarda.

Na san wani zai ce ai harkar riba ce, ba ruwanmu. Hukuncin na malamai ne. Amma sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 na shekara 7, yana biyan haya tsayayye, don haka farashinsa a kasuwa yakan sauka in ruwa ya hau. Wanda zai yi aiki a takaful ko asusun fansho na halal, wannan lissafin zai tarar a kan teburinsa.