Ciwo mai damana da rani

A wani ƙauye na jihar Maradi akwai manomi wanda ciwonsa ke zo mishi fuska biyu. Wani lokaci ya yi kwana goma ba ya barcin kirki, ba ya gajiya, magana ba tsayawa, har ya saida buhun hatsi uku ya rabar da kuɗin a kasuwa. Bayan wata kaɗan kuma ya kwanta ɗaki, ba ci, ba magana, yana cewa mutuwa ta fi mishi. A likita ana kiran wannan ciwo bipola.

Aka ba shi karbamazepin, ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare, aka rubuta a takarda. Ba mai karatu a gidan. Da ya ji sauƙi sai ya bar sha, kamar yadda aka saba da maganin ciwon kai. Wata biyu bayan haka ciwo ya komo.

Wannan karo malamin likita ya aje takarda, ya zaunar da shi da matarsa. Ya ce ciwon kamar damana da rani ne, wucewar ɗaya ba ta hana ɗayan zuwa. Maganin katanga ne, ba a rushe ta don ruwa ya ɗauke. Ya zana rana da wata a jikin ledar magani, kuma ya ce wa matar ta maida mishi bayanin da bakinta. Nan aka gane kuskure: ita ta ɗauka rana na nufin tsakar rana. Zane ma yana ruɗi. Sai aka ɗaure maganin da abinci, ɗaya da kunun safe, ɗaya da tuwon dare.

Dabarar da ta fi aiki ita ce ƙirga. Kowace ranar kasuwa matar na zuba ƙwaya 14 cikin gwangwani mai murfi, nesa da yara. Kasuwa ta zagayo, ya kamata gwangwani ya zama wayam. Satin farko 5 suka rage, duka na dare, don maigida na tafiya hira kafin a sauke tuwo. Ba a yi mishi faɗa ba. Ƙanensa ya ɗauki aikin miƙa mishi ƙwaya kafin ya fita. Wadda aka manta ba a haɗa ta da ta gaba a sha biyu.

Malamin ya bar musu alama biyu. Idan ƙuraje suka fito da zazzaɓi ko gyambon baki, musamman watannin farko, a tsaida magani a kawo shi ran nan. Idan kuma ya yi dare biyu ko uku barci kaɗan kuma bai gaji ba, kada a jira ya fara saida hatsi. Da kaka ta yi, matar ce ta fara lura ya daina barci, ta kama hanyar likita da gwangwaninta a hannu.